Sau huɗu kenan Hanif na ciwon kunne, yanzu likita na zancen guromet

Maman_Hanif
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, hankalina a tashe yake. Ɗana Hanif shekara 3 da wata 2, tun hunturun bara zuwa yau sau huɗu shina ciwon kunne, kullum da mura yake hwarawa, bayan kwana ukku ko huɗu sai zazzaɓi, sai kukan dare shina jan kunnen dama. In anka ba shi magani sai ya lahwa, in wata mura ta zo sai ya dawo. Ran Talata munka tahi wajen likitan kunne, yal leƙa da hitila, yas sa mai wani ɗan abu awa roba cikin kunne na'ura ta zana layi, yac ce akwai ruwa bayan dodon kunnenai duka biyu. Yac ce mu komo bayan wata ukku a gwada ji, in ruwan na nan ana iya sa mai guromet, wai ɗan bututu da za a huda dodon kunne a saka. Da munka iso gida Inna, mahaifiyar maigidana, tac ce sam ba a huda kunnen jikanta, kurumta shi za a yi. Ni abu biyu ad damuwata: mi ya sa yake ta dawowa, kuma dole ne sai an yi aikin ga?

Hajiya_Gwaggo
Wa alaikis salam ɗiyata. Allah shi ba shi lahiya. Mu dai abin da munka tashi munka ji shi ne, in mace na shayarwa a kwance nono yaɗ ɗiga cikin kunnen yaro, shi ka kawo ruwan kunne. Ki tuna ko hakan ya taɓa hwaruwa.

AbuSafwan_Kemis
Matsalar yawanci daga gare ku ne iyaye mata, a yi haƙuri. Za a rubuta amoksisilin na kwana 7, da zazzaɓi ya sauka a kwana na biyu sai a ajiye kwalba a saman firij, ƙwayar cutar ba ta mutu ba sai ta sake tasowa. Ni a shagona kullum ina ganin haka. A ba shi mai ƙarfi na sati biyu a haɗa da maganin mura mai busar da majina, ruwan zai bushe ba sai an kai ga tiyata ba.

Maman_Hanif
Malam Abu wallahi ni ina ƙare magani, har alama nika yi ga kalanda.

Sista_Luba
Maman Hanif sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni nas ce, na daɗe ina aiki a ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro, bari in ɗan yi bayani yadda muke yi wa iyaye a kiliniki.

Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki wanda ya kamata a ce iska ce kawai a cikinsa. Ɗakin nan ƙofarsa guda ce, wata 'yar siririyar hanya da ta gangaro zuwa bayan hanci, likitoci na ce mata Yustashiyan. Duk sanda kika haɗiye yawu ko kika yi hamma tana buɗewa, iska ta shiga, ɗan ruwan da ya taru ya fita. Ki ɗauke ta kamar magudanar ruwan tsakar gida. A babba magudanar doguwa ce kuma a gangare take. A ƙaramin yaro gajera ce, ƙunci gare ta, kuma kusan a kwance take, ba gangara sosai. To da ya yi mura sai cikinta ya kumbura ta toshe, ruwa ya taru a ɗakin, ƙwayoyin cutar da ke bayan hanci su hau su zauna a ciki, ya zama mugunya yana tura dodon kunne. Zafin da ke hana shi barci kenan. Shi ya sa kika lura kullum da mura yake farawa, kin lura daidai.

Ba wai tsohon ciwon ne bai mutu ba a kowane lokaci, sau da yawa sabuwar mura ce ta kawo sabon ciwo. Ya fi yawa daga wata 6 zuwa shekara 2, kuma yayin da kai ke girma hanyar na ƙara tsawo da gangara, kusan shekara 7 yawancin yara sun rabu da shi.

Hajiya Gwaggo, a gafarce ni, nonon da ya ɗiga ta waje ba ya kaiwa can, dodon kunne ya rufe hanya ruf. Amma akwai ƙamshin gaskiya a maganar kwanciyar: yaron da ake ba fida yana kwance samɓal, madara na iya komawa ta bayan hanci ta taɓa bakin hanyar nan. Ta ciki kenan. Nonon uwa kam kariya ne, musamman wata 6 na farko.

Hajiya_Gwaggo
To, Allah shi ƙara sani. Mu dai haka munka gada. Amma ni ɗiyana bakwai duk kwance nish shayar da su, guda ɗai yay yi ruwan kunne.

Bn_Aliyu_Mabera
Ni ban ga abin tashin hankali ba, ai mata kullum ana huda musu kunne tun suna jarirai ba abin da ke samunsu

Ummu_Nabila
@Bn_Aliyu_Mabera haba Malam, ba hudar 'yan kunne ake magana ba, can ciki ne dodon kunne, a ɗakin tiyata da maganin barci.

Bn_Aliyu_Mabera
Af, a yi min afuwa ban karanta duka ba

Sista_Luba
Malam Abu, rabin maganarka gaskiya ce, a ƙarasa magani yadda aka rubuta, kuma a auna shi da nauyin yaro ba da ido ba. Amma sauran rabin ne nake jin tsoro, don shi ke sa ana ɗura wa yara antibayotik wata da watanni a banza. Abu biyu ne ake haɗawa. Akwai ciwon mai zafi, da zazzaɓi da kuka da dodon kunne ja a kumbure, wannan shi ne antibayotik ke iya yi wa aiki. Sai kuma ruwan da ke saura bayan ciwon ya wuce, ba zafi ba zazzaɓi, yaro na wasansa, amma ruwa ne mai kauri kamar danƙo zaune a ɗakin. Shi ne abin da likitan Hanif ya gani. Wannan antibayotik ba ya kawar da shi, maganin mura mai busar da majina ma an gwada an ga ba ya yi, sai dai ya sa yaro barci ko rigima. Yawancinsa da kansa yake tafiya cikin wata uku, dalilin da ya sa aka ce ku jira kenan, ba wai likita ya yi muku wasa ba ne.

Layin da na'urar ta zana kuwa, timfanometri ake ce wa gwajin. In kunne lafiya yake layin na yin tudu a tsakiya, don dodon kunne na motsi. In da ruwa a baya sai ya fito a miƙe. Maman Hanif duba takardar ki gani.

Maman_Hanif
Na duba Sista, a miƙe yake duka biyu.

AbuSafwan_Kemis
To Sista na ji, amma ni na sha ba da maganin kuma uwa ta dawo ta ce kunne ya warware.

Sista_Luba
Ai dama zai warware ko ba ka ba da komai ba a mafi yawansu Malam Abu, wurin da muke ruɗuwa kenan.

Malama_Rabi_Arkilla
Ni ta ɓangaren makaranta zan yi magana, ina koyar da 'yan nazare. Kwanakin baya na samu wata yarinya a ajina, kullum ana cewa ba ta jin magana, taurin kai gare ta, a gida ma har dukanta ake yi in an kira ba ta amsa ba. Ni abin da na lura in ina gabanta tana kallon bakina tana ganewa sarai, in na juya allo ko na yi magana daga bayanta shiru. Kuma in ana karatu baki ɗaya sai ta yi tsuru tana kallon 'yan uwanta kafin ta bi. Na ce wa uwar a kai ta a duba kunne, ashe ruwan nan ne, ba ta taɓa cewa kunnenta na ciwo ba ko sau ɗaya. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai don yarinyar ta sha duka a kan abin da ba laifinta ba. Maman Hanif ki gwada, ki tsaya bayansa ki kira sunansa a hankali, ki kuma lura ko yana matsawa jikin talabijin ko yana ƙara sautin waya.

Maman_Hanif
Malama kin taɓa inda ka yi man ciwo. Shina yawan cewa "mi?" kuma magana tai ba ta hita sosai, ƙanwar maigidana na da ɗiya da ya girma da wata huɗu amma ta hi shi baki nesa. Ni ina cewa halin maza ne.

Sista_Luba
To wannan ki faɗa wa likita da bakinki ranar da kuka koma, don a kansa hukuncin ya rataya. Ruwan na rage ji kamar ki toshe kunnuwanki da yatsu, a ma'auni yawanci wajen desibel 25 zuwa 30. Ba kurumta ba ce, jijiyar ji lafiyarta lau, amma ga mai shekara 3 da ke tsintar kalmomi, wata da watanni yana jin magana dishi-dishi ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙa'idar da likitoci ke bi ba ta da wuya. Ta fuskar ruwa: in ya kai wata uku ko fiye a kunnuwa biyu, kuma gwaji ya nuna ji ya ragu, ana ba da shawarar guromet. Ta fuskar ciwon mai dawowa: ana kiransa mai dawowa in ya yi sau 3 cikin wata 6, ko sau 4 cikin shekara da aƙalla ɗaya a wata 6 na baya. Amma ko an kai wannan adadin, in likita ya leƙa ranar ya ga kunne a bushe ba ruwa, yawanci ba a sa guromet, jira ake yi. Hanif ya cika adadi kuma ga ruwa, shi ya sa aka fara zancen. Saura a ga ko ruwan zai tsaya, kuma nawa ya rage masa ji. Yaran da ba a cika dogon jira da su ba su ne masu tsagaggen ganɗa, da masu lalurar Dawun wadda ake haifar yaro da ita, da wanda dama magana ta yi masa jinkiri sosai ko yake da matsalar gani.

Shawara ɗaya: ki samu ɗan littafi ki rubuta ranar kowane ciwo, wane kunne, wa ya duba, wane magani. Don sau da yawa uwa za ta ce sau shida, in an bi sai a ga biyu ne kawai aka leƙa kunnen, sauran zazzaɓi ne da jan kunne, wanda haƙori ma na sa shi.

Baban_Khairat
Bari in ba ku nawa tunda an yi wa 'yata. Khairat na da shekara 4 aka sa mata, duka kunnuwa biyu. Mun jira wata uku aka sake gwaji, ruwa na nan, muka ƙara jira don ni ma tsoro nake ji kamar Inna, sai da malamarsu ta islamiyya ta yi ƙorafi. Ranar aikin aka ce kada ta ci komai tun dare, aka shiga da ita da safe, aikin kansa bai fi minti ashirin ba, jiran ta farka ya fi daɗewa. Ta ramin kunne ake bi, ba yanka ko ɗaya a waje. Likita ya nuna min irin abin a tafin hannunsa, wallahi bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, da rami a tsakiya. Ya ce ɗan tsagi ake yi a dodon kunne, a zuƙe ruwan, a maƙala shi don iska ta riƙa shiga ta nan tunda ƙofar ciki ta toshe. Da yamma muna gida. A hanya cikin Keke Napep ta toshe kunnuwa tana cewa ƙara ta yi yawa, a nan uwarta ta fashe da kuka don mun gane yadda ta daɗe ba ta ji sosai.

Amma kada in ɓoye muku, ba shi kenan ba ne. Bayan wata biyu ta yi mura, kunnen hagu ya fara zubar da ruwa, hankalinmu ya tashi, aka ba mu maganin ɗigawa na sati ɗaya ya tsaya. Na dama ya faɗo da kansa bayan kamar wata takwas, mun gan shi a cikin dattin kunne, na hagu ya kai shekara. Ramin ya rufe. Yanzu tana aji biyu lafiya lau.

Ummu_Nabila
Ni kuma akasin haka. An ce za a sa wa Nabila, muka koma bayan wata uku lokacin zafi ya shigo mura ta ɗauke, aka gwada aka ce ruwan ya tafi. Har yau ba a yi mata komai ba. Don haka Maman Hanif kada ki ɗauka an riga an yanke.

Dr_Keystone
Ni ba likitan kunne ba ne, na yara nake gani, amma in ƙara kan na Sista. A 2021 an wallafa wani bincike daga Amurka kan yara 250 'yan wata 6 zuwa 35 masu ciwon da ke dawowa, rabi aka sa musu bututun, rabi aka ci gaba da ba su magani duk sanda ciwon ya zo. Cikin shekara biyu yawan ciwon bai bambanta sosai ba tsakaninsu. Don haka ni ra'ayina, in ciwon ne kawai ke dawowa kuma yaro na ji lafiya, ba na gaggawar tura shi tiyata. Inda guromet ya fi nuna amfaninsa shi ne dawo da ji nan take ga mai ruwa, da kuma cewa in ciwo ya zo ruwan na fita ta bututun, ba zafi sosai, a yi maganinsa da ɗigawa maimakon sha. Kuma yana da nasa: zubar ruwa kamar na Khairat ya zama ruwan dare, wani bututun na toshewa, wani na barin farin tabo a dodon kunne wanda yawanci ba ya hana ji, kaɗan kuma ramin ba ya rufewa sai an yi faci daga baya. Wasu in ya faɗo ruwan na dawowa a sake sawa.

Sista_Luba
Na yarda Dakta, amma a nan garin ina ƙara duba wani abu: wa zai iya dawowa a riƙa duba shi? Wanda ke Runjin Sambo daban da wanda zai taso daga ƙauyen Tangaza. Guromet na son bibiya.

Nana_Gidan_Dare
Don Allah ni ma ɗana kunnenai na ɗiyan ruwa mai wari ya hi wata biyar, in yat tsaya sai ya dawo, muna sa mai man zaitun da auduga. Shi ma guromet ɗin za a sa mai?

Sista_Luba
A'a Nana, naki daban ne kuma ya fi na Hanif gaggawa. Kunnen da ke zubar da mugunya fiye da sati biyu, dodon kunnen ya riga ya huje, ba abin da guromet zai ƙara. Ki daina man zaitun yau, kada ki toshe da auduga, kuma kada a sayi kowane maganin ɗigawa a kemis, irin su jentamaisin na iya taɓa jijiyar ji in akwai huji. Ki riƙa murɗa tsaftatacciyar tishu ki tsane bakin kunnen, kada ruwan wanka ya shiga, ki kai shi sashen kunne a asibitin koyarwa na UDUTH da ke nan Sakkwato ko Asibitin Ƙwararru cikin satin nan a wanke a rubuta wanda ya dace, galibi sifirofulokzasin na ɗigawa. In kika ga bayan kunnen ya kumbura ya yi ja har kunnen ya turo gaba, ko wuya ya sanƙare, ko baki ya karkace, ko yana ta amai da barci, wannan ko tsakar dare ne a tafi.

Nana_Gidan_Dare
Na gode Sista, gobe in sha Allahu.

Alh_Maiyadi
Mu da can in yaro ya cika mura da ciwon kunne wanzami aka kira shi cire mai beli. Likita ma na ji suna cewa akwai naman da suka cirewa, ba shi ne ba?

Dr_Keystone
Ba shi ba ne Alhaji. Beli shi ne wanda ake gani yana reto in an buɗe baki, ba ruwansa da kunne, cire shi kuma na jawo zubar jini da shigar cuta. Wanda likitoci ke nufi adinoyid ne, yana can sama bayan hanci, ba a ganinsa ta baki, kuma dab da bakin hanyar da Sista ta faɗa yake zaune. In ya girma yana tara ƙwayoyin cuta yana toshe wurin. Alamarsa yaro na barci baki buɗe, da minshari, hanci kullum a toshe. An fi cire shi tare da sa guromet in yaro ya kai shekara 4, ko in toshewar hancin ta yi yawa.

Maman_Hanif
Hanif na minshari kaɗan amma ba kullum ba. To cikin wata ukkun ga mi zan yi, in zauna kawai?

Ummu_Nabila
Ni abin da na canza hayaƙi ne. Na daina goya ta in ina girki da itace, na daina turaren wuta a ɗakin da take kwana, maganin sauro na kunnawa ma na koma gidan sauro. Ban ce shi ya warkar da ita ba amma mura ta ragu.

Hajiya_Gwaggo
Turaren wuta kuma? To ɗakin mace ba turare ina daɗinai

Sista_Luba
Hajiya a yi shi in yara sun fita, a buɗe taga. Hayaƙin taba shi ne aka fi tabbatarwa, in akwai mai sha a gidan ya yi nesa da yaro. Maman Hanif ki duba katin rigakafinsa ko ya samu ta nimoniya, wadda ake yi a sati 6, 10 da 14, tana rage wani kaso. Ki riƙa yi masa magana kina fuskantarsa, a kashe talabijin, a faɗa wa malamarsa ta sa shi gaba. In zafin ya dawo ki ba shi farasitamol daidai nauyinsa ki kai a leƙa kunnen kafin a fara antibayotik. Tsinken auduga da gashin kaza kuma a bar su.

Baban_Khairat
In an sa mishi ki kula da ruwa, mu auduga da basilin muke toshe mata duk wanka har ya faɗo.

Dr_Keystone
Yanzu an sassauta wannan, wanka na yau da kullum ba lallai sai an toshe ba. Ruwan sabulu lokacin wanke kai, da nutso a gulbi ko tafki, su ne abin kiyayewa.

Baban_Khairat
To mu dai haka namu likitan ya ce, kuma da na sake zan toshe.

Maman_Hanif
Na karanta wa Baban Hanif duka, yac ce ran da za mu koma da Inna za mu tahi likita shi nuna mata abin ga hannu yadda anka nuna ma Baban Khairat. Ita dai har yanzu maganin barcin ad damuwarta, tac ce yaro ƙarami. Dakta in mura ta kama shi ana gobe aikin, ana yi ko ɗagawa a kai?